Cinikin Albashi ta Imel: Ladabi Daban, Adadi Daban

Idan kamfani ya aiko wa mutum takardar ɗaukar aiki ta imel, ya duba albashin ya ga bai kai ba, amsar da aka fi mayarwa kusan iri ɗaya ce. Za a yi doguwar godiya, a yi addu'a, sannan can ƙasa a ce ana roƙon a duba yanayin rayuwa a ɗan ƙara wani abu. Mai rubutun yana ganin ya yi ladabi, bai nuna kwaɗayi ba, kuma ya bar wa manya su yi adalci. To amma wanda ya buɗe wasiƙar a ofis bai samu abin da zai yi aiki da shi ba. Bai san ko dubu goma za ta gamsar da mai nema ba, ko sai dubu ɗari. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce wannan ne iyakar abin da aka ware, ko ya ƙara ɗan abin da ba zai tayar wa kowa hankali ba. Ra'ayina shi ne, ɓoye adadi ba ya cikin ladabi. A wasiƙar ciniki ladabi yana da aikinsa, adadi yana da nasa, kuma wasiƙa mai kyau tana sassauta wa mutumin da ake magana da shi, ta tsaya kyam a kan lambar da ake nema.

Abin mamaki, wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya riga ya san wannan tun daga kasuwa. Mai saye yakan gaisa, ya tambayi kasuwa da iyali, sannan ya taya kaya da kuɗi takamaimai. Mai kaya ya ce albarka, ba tare da fuska ta ɓaci ba, a ƙara, a rage, har a sallama ko a rabu lafiya. Babu mai taya rago da cewa a duba masa da idon rahama, domin da lamba ake tayi. Abin da ke sa lambar ba ta zafi a kasuwa shi ne murya da fuska da ɗan wasan da ke tsakani, kuma su ne imel yake ɗaukewa. A shekarar 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun wallafa wani bincike a kan haka. Sun sa mutane su aika jimloli, wasu na gaske wasu na gatse, sannan su yi hasashen ko mai karɓa zai gane. Masu aikawa ta imel sun ɗauka za a fahimce su kusan kashi 80 cikin ɗari, amma abin da aka gane daidai bai wuce kimanin kashi 56 ba, wato da kaɗan ya fi canki-canka. Dalili kuwa, mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa yayin da yake bugawa, mai karatu kuma haruffa kawai yake gani. Don haka zolaya da habaici da shaguɓe ba su da wuri a wasiƙar ciniki, kuma duk taushin da fuska za ta nuna dole a rubuta shi da kalmomi.

Wannan taushin yana da tasiri a kan sakamako. A 1999 Don Moore da Terri Kurtzberg da Leigh Thompson da Michael Morris sun haɗa ɗaliban jami'o'i biyu na Amurka, Northwestern da Stanford, suka sa su ciniki ta imel kaɗai. Inda ciniki ya fi watsewa shi ne tsakanin waɗanda ba makarantarsu ɗaya ba, kuma ba su gabatar wa juna kansu ba kafin su shiga maganar kuɗi. Waɗanda suka fara da ɗan sanin juna sun fi kaiwa ga daidaitawa. Mu da muka saba da gaisuwa ba mu da matsala ta wannan fuskar. Matsalarmu ta ɗaya ɓangaren ce, gaisuwa da godiya su cinye wasiƙar har a rasa inda buƙatar take.

Me ya sa lambar take da nauyi haka? Amsar ta samo asali daga gwajin da Amos Tversky da Daniel Kahneman suka bayyana a 1974. Sun juya wata ƙafar caca a gaban mutane, ta tsaya a kan 10 ga wasu, a kan 65 ga wasu, sannan suka tambaye su kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suke Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ce kimanin kashi 25, waɗanda suka ga 65 suka ce kimanin kashi 45. Lambar ba ta da alaƙa da tambayar ko kaɗan, amma ta ja hankalinsu zuwa wajenta. A 2001 Adam Galinsky da Thomas Mussweiler sun nuna abin yana faruwa a ciniki: farashin ƙarshe yakan karkata wajen wanda ya fara ajiye lamba. A maganar albashi kamfani ya riga ya ajiye tasa a takardar tayi. Muddin mai nema bai kawo tasa ba, lamba ɗaya ce a fili, kuma duk wani ƙari daga gare ta za a auna shi. Ƙarin dubu goma a kan tayinsu zai zama kamar alheri ne suka yi. Idan kuwa akwai lamba ta biyu, maganar ta koma neman matsaya tsakanin biyun.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi imel shi kaɗai, wanda na fi ba muhimmanci. Jami'ar kula da ma'aikata da ta aiko tayin galibi ba ita ke yanke hukunci ba. Za ta tura wasiƙar ga manajan sashe ko daraktan kuɗi, wanda wataƙila bai taɓa ganin mai neman ba, kuma zai karanta ta a waya tsakanin taro da taro. Saboda haka mutum biyu ake rubuta wa a lokaci guda. Jami'ar tana bukatar ta ji ana girmama ta, daraktan kuma yana bukatar lamba da dalilin da zai iya sa hannu a kai. Wasiƙar da ba ta da lamba tana tilasta wa jami'ar ta ƙirƙiro wa mutum buƙatarsa, ta kuma kare ta a gaban shugabanta, alhali ba aikinta ba ne. Wanda ya rubuta adadi da hujja ya sauƙaƙa mata, ya ba ta abin da za ta tura yadda yake.

Mu ɗauki misali mu bi shi dalla-dalla. A ce wani akanta ne a Kano, yana aiki a wani wuri inda abin da ke shiga asusunsa duk wata naira 290,000 ne. Wani kamfani mai zaman kansa a Sharaɗa ya yi masa tayin naira 380,000 a wata. Da farko zai ga kamar ƙarin dubu 90 ya samu. Sai dai lambar da ake rubutawa a takardar tayi galibi jimlar albashi ce kafin a cire komai. Dokar fansho ta Nijeriya ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki ya ɗora kashi 10. Idan aka lissafa fanshon a kan dukkan albashin, an cire 30,400, saura 349,600. Sai haraji. A dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, abin da ya haura a wannan mataki kuma kashi 18. Wannan ya kama kusan dubu 45 a wata, don haka abin da zai shiga hannunsa kimanin 304,000 ne. Idan sabon wurin ya fi nisa da gidansa har kuɗin mota ya ƙaru da dubu 35 a wata, to sai ya samu 325,000 a hannu kafin ya dawo inda yake yanzu. Tayin da ya yi kama da ƙarin dubu 90 ashe ragin kusan dubu 20 ne.

Wannan lissafin shi ne ke ba shi lambar farko da yake bukata, wato ƙasan da ba zai sauka ba. Idan ya juya lissafin, zai ga sai jimlar albashi ta kai kusan 410,000 sannan hannunsa zai riƙe 325,000. Ƙasa da haka zama a tsohon aikinsa ya fi masa. Roger Fisher da William Ury, a littafinsu na 1981 kan sasantawa, sun gina shawararsu a kan wannan: ƙarfin mai ciniki yana cikin abin da zai koma wa idan ciniki bai faɗa ba. Wannan lambar ta ƙasa tasa ce shi kaɗai, ba ta shiga wasiƙa, domin duk wanda ya bayyana iyakar abin da zai karɓa, shi za a ba shi. Lamba ta biyu ita ce wadda zai nema, kuma ba daga son rai za ta fito ba. Zai tambayi abokan sana'a biyu ko uku masu irin matsayinsa a kamfanoni makamanta, ya duba tallace-tallacen aiki da suka bayyana albashi, ya kuma sake karanta ayyukan da aka lissafa masa. A ce ya gano irin wannan kujera tana kamawa daga 400,000 zuwa 460,000, kuma a hira an ce har lissafin albashin ma'aikata da takardun haraji za su dawo hannunsa, abin da ba a rubuta a tallar ba. Sai ya tsayar da 445,000, lambar da ke can sama amma ba ta fita daga abin da kasuwa ta sani ba.

A Nijeriya irin wannan wasiƙa da Turanci aka fi rubuta ta, a Nijar da Faransanci, amma ginin ɗaya ne. Ga yadda za ta kasance:

“Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Na ga takardar tayin da kika aiko ranar Litinin, na gode ƙwarai, kuma ina son wannan aiki. Abu ɗaya ne nake so mu daidaita kafin in sa hannu. Tayin ya nuna naira 380,000 a wata kafin cire haraji da fansho. Ganin cewa aikin ya haɗa da lissafin albashin ma'aikata da takardun haraji, kamar yadda aka bayyana a hira, da kuma abin da ake biya a irin wannan matsayi, ina neman naira 445,000 a wata, ita ma kafin cirewa. Idan aka amince da haka, a shirye nake in sa hannu a wannan makon, in fara aiki ranar ɗaya ga wata. Idan akwai abin da ya hana, zan so ki sanar da ni don mu duba yadda za a yi. Na gode.”

Wasiƙar gajera ce, kuma gajartar da gangan ne. Ta fara da tabbatar da cewa yana son aikin, domin abin da mai ɗauka ya fi tsoro shi ne ya sha wahalar nemo ƙari a wurin shugabansa sannan mutum ya ƙi zuwa. Ta ce abu ɗaya ne ya rage, wanda ke nuna ba za a biya wannan a ga wata buƙata ta ɓullo ba. Ta faɗi lambar sau ɗaya tare da ma'auninta, a wata, kafin cirewa, saboda rikici da yawa daga nan yake tasowa, ɗaya yana nufin abin da zai shiga hannu, ɗayan yana nufin jimla. Ba ta nemi afuwa kafin lambar ba, ba ta kuma bi ta da cewa amma duk abin da aka bayar za a karɓa, jimlar da ke rushe duk abin da ya gabace ta. Sannan ta sayar da wani abu, wato sa hannu nan take da ranar fara aiki. Sai a lura da hujjar da ta kawo. Kuɗin mota da ya sa akantan ya ƙi tayin bai fito a wasiƙar ba, haka nan haya da kuɗin makarantar yara. Waɗannan gaskiya ne, amma kowane ma'aikaci yana da irinsu, kuma darakta ba zai iya biyan mutum fiye da abokin aikinsa don ya fi shi iyali ba. Abin da zai iya karewa shi ne girman aikin da farashinsa a kasuwa.

Wasu za su ce ai faɗin tsakani ya fi laushi, a ce daga kaza zuwa kaza. Akwai gaskiya a ciki, da sharaɗi. Daniel Ames da Malia Mason na Jami'ar Columbia sun nuna a 2015 cewa irin wannan tayi yana amfani idan ƙasansa shi ne ainihin abin da mutum yake so, saman kuma ya ɗan haura. Da akantanmu zai bi wannan hanya, sai ya ce 445,000 zuwa 470,000. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa abin da ake so a sama ko a tsakiya, a ce 400,000 zuwa 445,000, domin mai biya ƙaramar lambar kawai zai gani. A imel ni na fi son lamba ɗaya, tunda ita ce ba ta bukatar a sake tambaya. Game da siffar lambar, Mason da abokan aikinta sun gano a 2013 cewa lamba mai ɗan tsinin lissafi tana sa a ɗauka mai ita ya yi bincike, a kuma rage masa kaɗan, fiye da dunƙulalliyar lamba. Shi ya sa 445,000 ta fi 450,000. Amma kada a zarce. Binciken David Loschelder da abokansa na 2016 ya nuna ƙwararru sukan raina lambar da ta cika tsini ba tare da dalili ba. Wanda ya rubuta 446,735 ya nuna bai saba da harkar ba.

Babbar suka ita ce tsohuwar shawarar nan cewa wanda ya fara faɗin kuɗi shi ya faɗi. Tana da wurinta. Idan mutum bai san farashin kasuwa ba, kuma ɗayan ya sani, to fara faɗa haɗari ne: wanda ya nemi 300,000 a kujerar da aka ware wa 450,000 ya cuci kansa, kuma babu mai gaya masa. Wannan yakan faru tun kafin tayi, lokacin da aka aiko imel ana tambayar albashin da mutum yake sa rai. A nan ya halatta ya amsa cikin ladabi cewa zai so ya san abin da aka ware wa matsayin tukuna. Idan suka nace, sai ya yi bincikensa ya ba da lamba, ya ce ta dogara da cikakken bayanin aikin. Amma maganin rashin sani shi ne tambaya da bincike, kuma imel ya ba da damar haka, tunda babu wanda ya tsare mutum da ido yana jiran amsa. Kwana ɗaya ko biyu sun isa a buga waya wurare uku. Bayan an riga an yi tayi kuwa, sukar ba ta da sauran ƙarfi, don an riga an faɗi lambar farko.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya: masu neman aiki sun yi yawa, idan na nemi ƙari za a janye tayin a ba wani, ko a fara yi mini kallon mai son kuɗi. Ba zan ce hakan ba ya faruwa ba. Sai dai a duba abin da kamfani ya riga ya kashe kafin ya aiko takarda: talla, tantance takardu, hira, zaman zaɓe. Wanda aka zaɓa shi ne suka fi so, kuma komawa ga na biyu asara ce a gare su. Abin da ke fusata mai ɗauka galibi lamba ce da ta fita hankali, ko barazana, ko sake buɗe maganar da aka riga aka rufe. Neman ƙarin kashi 17 cikin ɗari da hujja, kamar na akantanmu, yana cikin abin da aka saba gani. Neman ninki biyu kuwa yakan sa a daina amsawa gaba ɗaya. Mata suna da ƙarin dalilin yin hattara. Hannah Riley Bowles da Linda Babcock da Lei Lai sun nuna a 2007 cewa ana yi wa mace mai neman ƙari hukunci fiye da namiji a kan magana iri ɗaya. Bowles da Babcock sun kuma gano daga baya cewa hukuncin yana raguwa idan ta haɗa buƙatar da dalili karɓaɓɓe da nuna kulawa ga dangantakar aiki. Wannan rashin adalci ne, amma darasin da ke ciki ya dace da abin da ake faɗa a nan, wato a gyara lafazi a bar lambar. Wanda kuma kunya ke hana shi, ya tuna malaman fiƙihu sun sharɗanta a san ladan aiki a fili kafin a ƙulla ijara, don gudun jayayya daga baya. Bayyana kuɗi tun farko yana cikin kyakkyawar mu'amala.

Yanzu a ce Hajiya ta amsa bayan kwana uku cewa an duba, za a iya kaiwa 405,000. Wannan amsa ta nuna abu biyu: akwai wurin motsi, kuma har yanzu ba a kai ƙasan akantan ba. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, ko su karɓa don jin nauyi, ko su mayar da amsa da zafi cikin minti biyar. Abin da ya dace shi ne ya kwana a kai, sannan ya gode da ƙoƙarin da ta yi, ya sauko kaɗan, ya ɗaura saukowar da wani abu. Misali ya ce zai karɓi 425,000 idan za a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan wata shida, lokacin tabbatar da shi a aiki. Saukowa kyauta tana koya wa ɗayan cewa in ya ƙara matsawa za a ƙara sauka. Saukowa da sharaɗi kuwa tana nuna ana neman mafita tare. Idan suka ce albashin ba ya motsi saboda tsarin matakansu, sai a koma kan abin da ke motsi, kamar alawus ɗin sufuri, inshorar lafiya ta iyali, kuɗin sabunta rajistar ƙungiyar akantoci, ko albashin wata na goma sha uku. Kowanne a sa masa lamba ko rana. Alƙawarin cewa za a duba nan gaba ba shi da amfani in babu wata da aka ambata, musamman a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. A ce an tsaya a 420,000 da sake dubawa bayan wata shida. Hannunsa zai riƙe kimanin 334,000, ya haura ƙasansa, ya kuma samu dubu 40 a kan tayin farko, wato 480,000 a shekara kafin cirewa, wanda duk ƙarin gaba da fansho a kansa za a lissafa.

Abu biyu ne ke ɓata irin wannan ciniki bayan ya kama hanya. Na farko shiru. Idan kwana biyu suka wuce babu amsa, mutum yakan tsorata ya aika wasiƙa ta biyu yana rage kuɗinsa da kansa, alhali wataƙila daraktan ne ya yi tafiya. Abin yi shi ne a jira kwana uku ko huɗu na aiki, a aika layi biyu na tuntuɓa ba tare da taɓa lambar ba. Na biyu ƙarya. Wanda ya ce yana da wani tayi alhali babu, ya manta imel ba ya gogewa, kuma ana iya cewa ya turo takardar. In tayin na gaske ne a faɗe shi a matsayin bayani, tare da cewa nan aka fi so. Akwai kuma alamar da ke nuna imel ya gaza: idan amsoshi suka fara gajarta, gaisuwa ta ɓace, ko aka yi musaya uku ba a matsa ba, to a nemi magana ta waya ta minti goma. Murya tana gyara abin da haruffa suka ɓata. Masu cewa waya ta fi imel tun farko suna da hujja a nan, sai dai waya tana ba wanda ya fi sabawa da ciniki galaba, kuma ba ta barin shaida.

Wannan duka bai shafi kowane aiki ba. A aikin gwamnati albashi yana kan jadawali, irin su CONPSS na ma'aikatan tarayya, CONUASS na malaman jami'a da CONMESS na likitoci, kuma babu jami'in da zai ƙara wa mutum dubu ashirin don wasiƙarsa ta yi kyau. Abin da ake iya magana a kai can shi ne mataki da rukunin da za a ɗora mutum bisa takardunsa da shekarun aikinsa. Shi ma lamba ce, kuma ita ya kamata a ambata. Mai sayar da kaya ko mai aikin kwangila kuwa, ginin wasiƙar bai canja ba, sai dai ma'aunin lambar ya ƙaru: farashin ya haɗa da kai kaya ko bai haɗa ba, nawa za a bayar kafin alƙalami, yaushe za a cika, kuma kwana nawa farashin zai tsaya kafin ya tashi.

Idan an daidaita, ta imel ne ko ta waya, saura wasiƙa ɗaya. Akantan zai rubuta wa Hajiya ya jera abin da aka amince: naira 420,000 a wata kafin cire haraji da fansho, sake duba albashi bayan wata shida, da ranar fara aiki, ya roƙi a aiko sabuwar takardar tayi mai ɗauke da su. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ta amince da bayanan na'ura mai ƙwaƙwalwa a kotu idan an cika sharuɗɗanta, don haka saƙonnin suna da daraja, ya adana su a imel ɗinsa na kansa. Duk da haka takardar da aka sa wa hannu ita sashen kuɗi zai bi wajen biya. Kada ya ajiye tsohon aikinsa sai sabuwar takardar ta iso, ya karanta ta layi-layi, ya tabbatar 420,000 aka rubuta, kuma maganar wata shida tana ciki.